Yadda ake gane ciwon ƙirji ko hakin da ba a jira da shi, kafin a ce fargaba ce

Fargaba mai tsanani tana kawo ciwon ƙirji na gaske. Gaba ya faɗi, zuciya ta yi ta dukan uku-uku, numfashi ya yi sama-sama, leɓe da yatsu su riƙa tsikari, mutum ya ji kamar ajalinsa ya zo. Yawanci abin yana kai ƙarshen tsananinsa cikin minti 10, ya lafa cikin minti 20 zuwa 30. Matsalar ita ce toshewar jijiyar zuciya da gudan jini a huhu su ma suna zuwa da tsoro da gumi da bugun zuciya, don haka ganin mutum a firgice ba ya nuna cewa fargaba ce kaɗai. Ko a asibiti, sai an auna an kawar da masu kisa tukuna likita yake cewa fargaba ce. Ga yadda za a bi a gida.

Mataki na farko: nemi alamomin da ke yanke gardama

Tambayi mai ciwon ya nuna inda yake ji. Wanda ya dafa tsakiyar ƙirji da tafin hannu ko dunƙule, ya ce nauyi ne ko matsi, ya fi ban tsoro a kan wanda ya nuna wuri ɗaya da ɗan yatsa. Idan nauyin ya kai minti 15 bai sake shi ba, ko yana tafiya hannu, muƙamuƙi, wuya ko baya, ko ya zo da gumi mai sanyi da tashin zuciya, a tafi asibiti. Haka nan in ya suma, ko ya ruɗe, ko ya yi tari da jini, ko ba ya iya gama jimla ɗaya sai ya tsaya ya ja numfashi.

A kuma tambayi abin da yake yi lokacin da ciwon ya taso. Ciwon da ke zuwa idan an hau bene, an ɗauki buhu ko an yi sauri zuwa masallaci, ya lafa da an zauna, irin na zuciyar da jini ba ya isar ta ne, ko da yanzu ya lafa.

Mataki na biyu: ƙirga da agogo

A zaunar da shi, a kalli ƙirjinsa minti ɗaya cur ba tare da an gaya masa ana ƙirgawa ba. Babba mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. In ya kai 25 kuma bai sauka ba bayan ya huta, ba na jira ba ne. Sannan a ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa: bugu 60 zuwa 100 ne daidai. Wanda ya zarce 120 a zaune ya ƙi sauka, ko yake bugawa ba tsari tare da jiri, a kai shi. In akwai 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa, mai fargaba yakan nuna iskar oksijin 95 zuwa sama. 92 zuwa ƙasa na asibiti ne. Lalle mai duhu ko sanyin yatsa na iya rikita na'urar, kuma lamba mai kyau ba ta wanke zuciya, domin mai toshewar jijiya na iya nuna 98.

Mataki na uku: dubi wane ne mai ciwon

Nan aka fi yin kuskure. Wanda ya haura shekara 40, ko yake da hawan jini, ciwon suga, ko yake shan taba, sabon ciwon ƙirji a jikinsa na zuciya ne har sai awo ya ce a'a. Mai ciwon suga da mata da tsofaffi kan zo ba tare da ciwo sosai ba, sai haki, kasala, ko zafi a bakin ciki da ake ɗauka olsa ce a je kemis a sayo ruwan magani. Mai sikila da ya haɗa ciwon ƙirji da zazzaɓi ko tari ba ya kwana a gida.

Mai jego ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin raunin zuciya na bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Hausa. Wani bincike da aka wallafa a 2007 daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ya samu kusan mace ɗaya cikin haihuwa 100 a can. A ɗauki misalin 'yar shekara 22 a Bodinga, mako uku da haihuwar fari, tana wanka a gidan iyayenta. Tana haki in ta ɗauko buta, da dare ta farka a firgice tana neman iska. Uwa ta ce, “Tsoro ne irin na sabon shiga, ki yi addu'a ki kwanta.” Sai yayarta ta tambaye ta, “Ƙanwata, kina iya kwanciya miƙe?” Ta ce sai ta jingina da matashi uku, in ta miƙe tari ya taso. Aka danna ƙaurinta da yatsa na 'yan daƙiƙu, wurin ya lotsa bai ciko ba. Numfashi 28, bugu 118.

Wannan ba hoton fargaba ba ne. Zuciyar da ta yi rauni ba ta iya tura jini gaba, ruwa ya taru a huhu da ƙafafu, in an kwanta kuma ruwan ƙafa ya koma ƙirji, shi ya sa dare ya fi tsanani. A ranar za a kai ta, a zaune, a dakatar da kunun kanwa domin kanwa gishiri ce mai riƙe ruwa a jiki. Da a ce hakin farat ɗaya ya zo mata, da suka a ƙirji in ta ja numfashi, ƙafa ɗaya tak ta kumbura, to gudan jini ne abin zargi, kuma wannan ba ya jiran wayewar gari. Haka yake ga wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, ko ya sauko daga doguwar tafiyar mota kamar ta Legas zuwa Sakkwato.

Mataki na huɗu: tafiya da isa

A kira 112, amma kada jiran motar asibiti ya ci lokaci in akwai mota ko keke napep a kusa. Mai ciwon ba ya tuƙi, ba ya hawa babur. A bar shi a jingine. A nufi sashen gaggawa na babban asibiti, kamar na koyarwa ko Asibitin Ƙwararru, ko babban asibitin ƙaramar hukuma in gari ya yi nisa.

Idan nauyin ƙirji ne mai kama da na zuciya a jikin babba, ya tauna asfirin miligiram 300 sau ɗaya. Ba a ba wanda asfirin ba ya karɓarsa, ko mai olsa mai zubar da jini, ko wanda ciwon ya tsaga shi farat ɗaya zuwa baya, domin yana iya zama yagewar babbar jijiya. Asfirin ba maganin hakin mai jego ba ne. Kada kuma a sa mutum numfashi cikin leda ko jakar takarda.

Da an isa, a fara da cewa ciwon ƙirji ne ko haki, da ƙarfe nawa ya fara. Wanda ya fara da “yana da damuwa” yakan ƙare a bayan layi. A nemi awon zuciya na na'ura, wanda ake rubutawa ECG, ƙa'idarsa cikin minti 10 da isa. Na farko yana iya fitowa lafiya, gwajin jini na turoponin, mai nuna ko tsokar zuciya ta taɓu, shi ma yakan ɗauki sa'o'i kafin ya hau, don haka in an ce a jira a maimaita, a jira. In toshewar jijiyar zuciya ce, allurar narkar da gudan jini ta fi aiki a sa'o'in farko, bayan awa 12 amfaninta ya ragu ƙwarai.

In awo ya fito lafiya aka tabbatar fargaba ce, tana da magani, kuma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware. Amma mai fargaba ma zuciyarsa na iya toshewa: ranar da ciwon ya zo daban da yadda ya saba, ko ya wuce rabin awa, a sake bin matakan nan daga farko.