Kurakuran da aka fi yi wajen canza kalar riga a hoto

Wata Hajiya mai saida dogayen riguna nan Jidda, wajen Bab Makka, ta turo min hoto ɗaya, ƴarta sanye da jar riga, wai in fitar mata da kore da shuɗi tunda ɗinki ɗaya ne kala ce kawai ta bambanta. A aikin farko na kwafsa, to ga inda ake kwafsawar.

Yawancin mu muna buɗe Hue/Saturation a Photoshop, mu zaɓi Reds mu ja Hue shikenan. Rigar ta koma kore kam, amma duba fuskar yarinyar, ta zama kamar mai ciwon shawara, leɓe ya canza, jan lallen hannunta ma ya bi. Dalili kuwa fatar mutum, fari ne ko baƙi, cikin ja da ruwan ɗorawa take zaune, duk abinda ka yi ma Reds sai ya taɓa ta. Maganin shi ne ka fara zagaye rigar tukuna, da Pen Tool in kana da haƙuri, ka danna Ctrl+Enter zagayen ya koma selection, sannan ka ɗora Hue/Saturation ɗin a matsayin adjustment layer, zagayen da ka yi zai zama mask da kanshi. Fari a mask canji ya shiga, baƙi bai shiga ba. Danna Alt ka taɓa mask ɗin ka gan shi tsirara, in akwai ɗigon fari a wuya ko hannu ka goge da baƙin burushi.

Sai baki-bakin rigar. Ka matso da hoton sosai wajen wuya da hammata da inda gyale ya sauka, zaka ga siririn zaren ja ya rage. Feather kaɗan, 1 px haka, sai ka bi sauran da ƙaramin burushi mai laushi. Kar ka zuba Feather da yawa, koren ne zai malalo kan fata.

Wanda ya kama ni ni kuma, jan da rigar ta haska a ƙasan haɓarta da tayil ɗin shagon. Hajiya ce ta gano, tace "ɗan nan riga kore inuwa ja?" Wannan sai ka buɗe wani layer daban, blend mode a Color, ka ɗebo kalar fata mai kyau daga kumatu ka shafa a hankali, Opacity wajen 20%. In kalar mota kake canzawa ma haka, duba gilashi da ƙasa in da sheƙi.

Farar jallabiya ko baƙar abaya kuwa ko ka kwana kana jan Hue ba abinda zai motsa, babu kalar da za a juya. Ita farar ka sa mata Solid Color a Multiply, ninkin yadin zai fito. Baƙa sai ka ɗaga haskenta da Curves kafin kala ta kama, kuma in hoton waya ne da aka ɗauka da dare zaren yadin ya riga ya ɓace, gara kace a sake ɗauka da rana.