Darasi na Bakwai: Layin Kaya a Takardar Inbois

'Yan'uwa, ku ɗauko takardar da na raba muku. Sunanta inbois. Mai sayarwa ne yake rubuta ta, ba mai saye ba. A sama akwai sunansa da adireshinsa, da naka, da lamba, da kwanan wata. Wannan mun yi shi a darasin baya. Yau tsakiyar takardar za mu duba, inda layin kaya yake, don a nan jami'in kwastan yake fara ɗora yatsa.

Layin yana da gida huɗu. Ku bi da yatsa daga hagu zuwa dama: sunan kaya, yawan kaya, farashin ɗaya, jimla. Ku sake bi. Ba komai idan kun yi a hankali, ba tsere muke ba.

Ga abin da ya faru da wata Hajiya, 'yar ajinmu ta nan Nima. Ta saro silifas a Lome, katon 40, kowane katon dozin 5. Dozin 200 ke nan. Kowane dozin sefa 9.000. Yaron shagon ya rubuta 40 a gidan yawa, ya rubuta 9.000 a gidan farashi, ya rubuta 1.800.000 a jimla. Kuɗin da ta biya ke nan, ba ta yi ƙarya ba. Da ta iso Aflao, bakin iyakar Gana da Togo, jami'i ya ɗauki kalkuleta ya buga 40 sau 9.000, ya samu 360.000. Ya juyo mata da fuskar kalkuletan. Lissafi bai haɗu ba. Kaya suka kwana, aka buɗe katon-katon ana ƙirga, sai da aka aiko da sabuwar takarda daga Lome.

Ina kuskuren? Yawa da katon aka ƙirga, farashi kuwa na dozin ne. To ku saurara. Abin da aka ƙirga da shi, da shi ake sa farashi. Idan katon ne, farashin katon, wato dozin 5 sau 9.000: 40 sau 45.000. Idan dozin ne, farashin dozin: 200 sau 9.000. Duka biyu 1.800.000 suke bayarwa. Katon da katon. Dozin da dozin. Ku faɗa da baki.

Kafin ka bar shagon, ciro wayarka. Buga yawa, buga alamar sau, buga farashi. Dubi abin da ya fito, dubi jimla. Sun yi daidai? Tafi. Ba su yi ba? Kada ka motsa. Tambayi mai shago: wannan lambar katon ce ko dozin? Ya rubuta kalmar kusa da lambar. Lamba tsirara ba ta magana. 40 kawai, arba'in na me? Ko kai da kanka, Alhaji, bayan sati biyu ba za ka tuna ba. Sake bugawa sau na biyu. Katon da katon, dozin da dozin.

Na san wasunku sun gaji da jin wannan. Amma makon jiya mutum nawa suka kawo mini aikin gida da katon a yawa, dozin a farashi? Mun yi sau uku a allo! Kuna ƙirga kuɗi a Makola ba ku taɓa ɓata ko sidi ɗaya ba, amma da an ce takarda sai hankali ya tashi. Kada a sake kawo mini shi haka, don Allah.

Sai ɗigon nan da kuka gani a 9.000. Mutanen Togo da Faransanci suke rubutu, ɗigo ko ɗan fili suke sawa inda mu a Gana muke sa waƙafi. Sefa dubu tara ne, ba tara ba. Kuma dole a rubuta irin kuɗin: FCFA ko XOF na sefa, GHS na sidi. Kwastan da kansu za su mayar da shi sidi da canjinsu, ba canjin bakin kasuwa ba, su haɗa da kuɗin mota da inshora kafin su yanka haraji.

Sunan kaya

Kada a rubuta "takalma" kawai. A rubuta silifas na roba, na manya. Da wannan bayanin ejan mai fitar da kaya yake nemo lambar kayan ya shigar a ICUMS, tsarin kwamfuta na kwastan Gana, kuma lambar ce take nuna harajin.

Ƙasar asali

Inda aka ƙera kaya, ba inda ka saya ba. Silifas ɗin Sin da ka saro a Lome, Sin za a rubuta.

Gyara

Ba a gogewa, ba a shafa farin fenti. A sake sabuwa.

Aikin gida: katon 25, kowane dozin 4, dozin sefa 6.000. Ku rubuta layin sau biyu, ɗaya da katon, ɗaya da dozin. Ku kawo ranar Asabar.