Yadda ake gyara saƙon ɗage randebu kafin a aika wa marar lafiya

Na yi shekaru ina kula da teburin karɓar marasa lafiya a wata kilinik mai zaman kanta a nan Tawa, kuma yara da yawa sun koyi aikin a hannuna. Abin da ya fi ba ni wahala da su shi ne saƙon da suke aikawa idan lokotoro ya yi tafiya ko an sauya masa ranar aiki. Ga wani da wata sabuwar yarinya ta aika wa wani dattijo mai ciwon suga da ke zuwa mana daga wani ƙauye a wajen Keita:

"slm baba lokotoro bai nan gobe kar kuzo sai mun kira ku"

Ba ta yi ƙarya ba, kuma ba ta yi rashin ladabi ba. Amma wayar ta ɗansa ce, tana wurin caji, ba a karanta saƙon ba sai washegari da safe. Da suka ga "gobe" sai suka ɗauka ranar da ke biye ake nufi, tsohon ya hau mota ya zo, bai ci komai ba tun dare saboda za a ɗebi jininsa. Muka same shi a kan benci yana zufa, hannunsa na rawa. Majo ne ya auna shi ya ba shi ruwan suga. Ya yi asarar kuɗin motar zuwa da komawa, kuma maganinsa saura na kwana biyu. Da wannan saƙon zan nuna yadda nake gyarawa.

Kafin ki taɓa waya, ki samo sabuwar rana. Wannan doka ce a teburina: ba a aika saƙon da ya ƙare da "sai mun kira ku". Marar lafiya ba ya sanin ko jira na kwana biyu ne ko na wata, mu kuma da aiki ya yi yawa mantawa muke. Ki buɗe rajista, ki tambayi lokotoro ranar da zai dawo, ki ba kowa ranarsa da sa'arsa. In har ba a san ranar dawowarsa ba, to ki faɗi ranar da za ki kira, ki rubuta ta a rajista da jan biro.

Daga nan sai rubuta ranar, kuma a nan kusan kowa ke faɗuwa, don haka zan daɗe a kai. Ki cire "gobe", "jibi", "gata" da "sati mai zuwa" daga saƙo gaba ɗaya. Waɗannan kalmomi na magana baki da baki ne, inda ke da mai sauraro kuke cikin yini ɗaya. Saƙo yana iya kwana a waya, musamman a ƙauyen da rezo ke zuwa yana ɗaukewa, ko inda ake kai waya kasuwa a yi caji. Ki rubuta sunan rana, kwanan wata da sunan wata tare: Alhamis 16 ga Oktoba. Sunan ranar na tsoho ne, shi da Alhamis da Jumma'a yake lissafi. Lambar kuma ta ɗan da zai duba kalanda ce. Idan kin yi kuskure a ɗaya, ɗayan zai tona shi, su kira su tambaya. Kada ki rubuta 16/10 kawai, mutane da yawa ba su san me layin tsakiya ke nufi ba.

Ki faɗi tsohuwar ranar ma, ki kuma sa ta a gaba: randebun Talata 14 ya koma Alhamis 16. Na ga yarinyar da ta rubuta sabuwar ranar kaɗai, matar da aka aika wa ta ɗauka an ƙara mata wani randebu ne a kan na farko, ta zo duka biyun.

Sa'a ita ma haka. Mu da muka yi lakwal mun saba da ƙarfe 15, amma tsohuwa ba ta san ƙarfe 15 ba. Ki rubuta ƙarfe 3 na rana, in kina so ki ƙara "bayan azahar". Kada ki tsaya a "bayan azahar" kaɗai, domin wani zai zo ƙarfe 2 da rabi, wani sai gab da la'asar. Kuma ki dubi inda mutum yake fitowa kafin ki ba shi sa'a. Wanda ke zaune a Sabon Gari zai iya hawa kabu-kabu ya iso ƙarfe 7 da rabi. Wanda zai jira mota ta cika daga Buza ko Abalak, in kika ba shi yamma kin sa shi kwana a Tawa, ga kuɗin abinci ga neman masauki. Ni mutanen nesa tsakiyar safiya nake ba su, in bar sassafe da yamma ga ƴan cikin gari.

Sai dalili, kuma jimla ɗaya ta isa. Marar lafiya da ya ga an sauya masa rana, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne an ga wani mugun abu a gwajinsa. Ya fi tsanani idan an matso da ranar kusa. "Lokotoro na son ganinki gobe" ya taɓa hana wata mai ciki barci har asuba, alhali lokotoron zai je wani taro ne a Yamai, yana son ya gama da mutanensa kafin ya tafi. Ki nuna cewa sauyin daga wajenmu ne: lokotoro ya yi tafiya, ko na'urar ekogarafi tana gyara. In gaskiya ne sauyin bai shafi sakamakon gwaji ba, ki faɗa a fili. In kuwa ya shafa, to wannan ba aikin saƙo ba ne, lokotoro ko majo ne zai kira da bakinsa. Kada ki rubuta "babu komai" a kan abin da ba ki sani ba. Kada kuma ki ba da labarin cikin gidan lokotoro, ko rasuwa aka yi masa "ya yi tafiya" ya wadatar.

Abu na gaba shi ne wanda saƙon yarinyar nan ya rasa gaba ɗaya: me mutum zai yi tsakanin tsohuwar rana da sabuwa? Ki buɗe dosiyensa ki duba abu biyu. Na farko, maganinsa zai kai shi? Masu tansiyo da masu suga sau da yawa ana rubuta musu odinansin da ke ƙarewa daidai da ranar randebu. In an ɗage da mako ɗaya, mako ɗaya ke nan babu magani, kuma wasu suna ɗauka an ce su dakata ne. Ki tambayi majo ko ɗansa zai iya zuwa da karne a sabunta masa odinansi, sannan ki sa a saƙo. Na biyu, akwai gwajin da ake zuwa ba a ci abinci ba? Gwajin suga na safe yana buƙatar aƙalla sa'a 8 ba ci, ruwa kawai. In sabon randebun ya koma yamma, kada ki kwafe "ku zo ba ku karya ba" daga tsohon saƙo, domin mai shan maganin suga ko mai allurar insulin da ya yini da yunwa yana iya faɗuwa. Yadda zai sha maganinsa a safiyar gwaji kuwa ba ke za ki yanke ba. Ki tambayi lokotoro, ki rubuta abin da ya ce kalma da kalma.

Ga saƙon tsohon bayan gyara:

"Assalamu alaikum Baba, muna gaisuwa daga kilinik. Randebunku na Talata 14 ga Oktoba ya koma Alhamis 16 ga Oktoba, ƙarfe 9 na safe. Lokotoro ne ya yi tafiya, sauyin bai shafi gwajinku ba. Ku ci gaba da shan magani yadda aka rubuta. Ranar Alhamis ku zo ba ku karya ba, ruwa kawai, ku riƙo karne da kwalayen maganin. In jiki ya matsa kafin nan kada ku jira, akwai majo a kowane lokaci. Ku yi haƙuri da mu. Don Allah ku amsa mana mu san saƙo ya iso. Allah ya ƙara lafiya."

Inda na sa "kilinik" ki sa cikakken sunan wurinku, bayan "Baba" kuma ki sa sunansa, don waya ɗaya tana iya zama ta gida guda. Saboda wannan dalilin ne ban ambaci sunan ciwon ba. Ba a rubuta suga, tibi, ciki ko gwajin sida a saƙo, ko sunan sashen da zai tona asirin. Ba ki san ko miji ne, ko kishiya, ko yaron mai caji zai fara gani ba. Dattijo "ku" ake ce masa, Baba ko Inna ko Hajiya. Haƙuri sau ɗaya ake bayarwa, in ya yi yawa sai ranar ta ɓace a cikinsa. "Akwai majo a kowane lokaci" kuma sai in da gaske kuna aikin dare, in ba haka ba ki faɗi sa'o'in da kuke buɗe.

Wannan tsawon na WhatsApp ne. In SMS ne akwai maganar kuɗi. Saƙo ɗaya yana ɗaukar harufa 160, amma da kin sa ƙ ko ɗ ko ɓ guda ɗaya sai ya koma 70, abin da zai tafi a saƙo ɗaya ya zama uku. In kina da mutum talatin a rajista, kiredi ya tafi. Don haka a SMS nake cire lanƙwasa, in taƙaita:

"Salam Baba. Daga kilinik ne. Randebun Talata 14 ya koma Alhamis 16 ga Oktoba, karfe 9 na safe. Lokotoro ya yi tafiya. Ku ci gaba da magani. Ku amsa da TO."

Wannan ya shiga cikin 160 da ƙyar. In an ƙara sunansa da maganar rashin karyawa zai zama saƙo biyu, kuma ga mai suga a biya kuɗin biyun.

Ga mata masu awon ciki jimlar "in jiki ya matsa" ce ke sauyawa, sai dai ba a saƙon rubutu nake sa ta ba. Kira nake yi, in tabbatar ita ce a kan waya, in ce in ta ga jini, ko faya ta fashe, ko ciwon kai mai tsanani, ko ɗa ya daina motsi, ta zo nan take ko ta je likita mafi kusa.

Sauran aikin ba wuya. Ki karanta saƙon da ƙarfi sau ɗaya, ki duba kalanda Alhamis ce da gaske 16. Wanda ba ya karatu a yi masa saƙon murya da kalmomin nan, a maimaita ranar sau biyu, da Zabarmanci ko Buzanci in akwai mai ji a cikinku. A rajista ki sa alama gaban duk wanda ya amsa. Wanda bai amsa ba zuwa la'asar ɗin jajibirin tsohuwar ranar, ki kira shi, ki fara da mutanen nesa tun ba su kama kujerar motar asuba ba.