Yadda za ka zaɓa tsakanin rajistar sunan kasuwanci da kamfanin limited

Da yawa daga cikin masu shaguna a Sakkwato suna zuwa wurin masu yi musu rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da magana ɗaya a bakinsu: sun ji an ce ƙaramin kamfani ba ya biyan haraji, don haka limited suke so. Maganar gaskiya ce, amma rabinta suka ji. Sauran rabin sai bayan shekara biyu yake fitowa, ranar da mutum ya je neman takardar shaidar biyan haraji aka ce ana bin sa tara.

Mataki na farko, ka ɗauko alƙalami ka rubuta lambobi uku na shekarar da ta wuce: jimillar cinikinka, ribar da ta rage bayan ka cire kuɗin kaya da haya da wuta da albashin yara, sai kuma abin da ka kwashe ka kai gida. Idan ba za ka iya fitar da lambobin nan ba, ka riga ka sami amsarka. Ka yi rajistar sunan kasuwanci, wadda lambarta ke farawa da BN, ka koyi rubuta ciniki tukuna.

Mataki na biyu, ka san wa zai karɓi harajinka. Mai sunan kasuwanci, a idon doka shi da shagonsa mutum ɗaya ne. Ribar shagon kuɗin shigarsa ce, kuma hukumar tara kuɗin shiga ta jihar Sakkwato zai bai wa bayaninsa kafin ƙarshen watan Maris kowace shekara. Kamfani kuwa mutum ne daban, harajinsa na hukumar tarayya ne, wadda a da ake kira FIRS yanzu kuma NRS, kuma yana da wata shida bayan rufe shekararsa ya kai lissafi.

Mataki na uku shi ne lissafin kansa. A sabuwar dokar haraji da ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, naira 800,000 na farko na kuɗin shigar mutum babu haraji a kansu. Miliyan 2.2 da ke biye ana karɓar kashi 15 cikin ɗari, miliyan 9 na gaba kashi 18, haka yake hawa har ya tsaya a kashi 25.

Mu ɗauki mai shagon kayan wuta da famfo a Babbar Kasuwa, cinikinsa miliyan 40 a shekara, ribarsa miliyan 6. Idan sunan kasuwanci gare shi, kashi 15 na miliyan 2.2 zai ba da 330,000, kashi 18 na miliyan 3 da suka rage zai ba da 540,000. Jimilla 870,000, kafin a cire 'yan rangwame irin na hayar gida.

Idan kamfani ne, ciniki miliyan 40 ya sa shi cikin ƙananan kamfanoni, harajin riba sifili. To amma miliyan 6 ɗin na kamfani ne, ba nasa ba, kuma ƙofa biyu ce kawai ta fitar da su. Ko ya yanka wa kansa albashi, ko ya raba riba. In ya ɗauki duka a matsayin albashi, 870,000 ɗin nan dai zai biya wa jiha ta hanyar PAYE, wato harajin da ake cirewa daga albashi, ya ƙara wa kansa aiki a banza. In ya fitar da su a matsayin rabon riba, za a cire kashi 10, wato 600,000. Inda sauƙin yake sosai shi ne in ya ɗauki albashin miliyan 3, ya bar miliyan 3 a kamfani ana sayen kaya. Nan harajinsa 330,000 ne, ya tsira da 540,000. Daga ciki kuma sai ka cire abin da akanta zai karɓa a shekara, don haka ka tambayi farashinsa tun kafin ka yanke shawara. Ni dai a wurina, wanda duk ribarsa a cefane da kuɗin makaranta take ƙarewa ba shi da abin nema a limited.

Yanzu ga wurin da na fi ganin mutane suna faɗawa. Ƙaramin kamfani da ciniki ake auna shi, ba da riba ba. Tsohuwar doka ta sa iyakar a miliyan 25, sabuwar ta ɗaga ta, wanda cinikinsa bai wuce miliyan 100 ba kuma kadarorinsa na dindindin ba su haura miliyan 250 ba yana ciki, ban da masu aikin ƙwararru irin su lauyoyi. Amma ka duba irin kasuwancinmu na nan. Dillalin siminti, ko mai sayen albasa a Kara yana lodi zuwa kudu, kuɗi masu yawa ke ratsa hannunsa, abin da ke maƙalewa kaɗan ne. A ce cinikinsa miliyan 150, ribarsa miliyan 6, daidai da mai kayan wutan can. Da sunan kasuwanci 870,000 zai biya, domin ribar kawai ake kallo. Da kamfani kuwa ya fita daga sahun ƙanana: kashi 30 na riba wato miliyan 1.8, ga harajin raya ƙasa kashi 4 wato 240,000, sun kama miliyan 2.04, kuma bai kai ko sisi gida ba tukuna. Tirela kaɗan ce ke tsallakar da mutum wannan iyaka bai sani ba, kuma bayanan asusunsa na banki ne za su tona.

Mataki na huɗu, ka auna ko za ka iya ɗaukar takardun. Harajin sifili ba ya nufin a yi shiru. Kamfani ko bai sayar da komai ba dole ya kai bayanin shekara ga hukumar haraji, in ya makara tarar watan farko 100,000 ce, kowane wata bayan nan 50,000. Makarar shekara guda ta kama 650,000, ta cinye duk abin da mai kayan wutan ya tsira da shi. Ga kuma PAYE da ake turawa kafin 10 ga kowane wata, ga bayanin shekara na CAC. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yi sauƙi, mutum ɗaya zai iya kafa kamfani da jarin hannun da bai gaza 100,000 ba, kuma ta ɗauke wa ƙananan kamfanoni dolen ɗaukar sakatare, amma ba ta ɗauke rubuta lissafi ba.

Abin da ya fi wahala shi ne aljihu. Asusun kamfani daban, naka daban. Ragon layya, gudummawar biki, kuɗin asibiti, in daga asusun kamfani suka fita to bashi ne kamfani yake bin ka, ko albashi ne da ba a cire masa haraji ba. Ƙarshen shekara akanta zai zauna da takardar banki yana tambayarka wannan 400,000 na mene ne, kai kuma ka manta. Mai sunan kasuwanci ma gara ya raba asusun, ko don ya huta ranar fitar da zakka, amma shi in ya haɗa su, kansa kawai ya rikita.

Sauran abubuwan ba su da tsawo. Kamfani yana kare gidanka daga bashin kasuwa, sai dai banki yakan sa ka sa hannu ka tsaya wa bashin da kanka, kariyar ta tafi. In kuna da abokin tarayya da ya zuba kuɗi, ko kana neman kwangila inda aka ce sai mai lambar RC ta kamfani, to ka yi kamfani ko da harajin ya ɗan fi. In ba haka ba ka fara da BN, ka riƙa kai bayaninka ga CAC kafin ƙarshen Yuni, ka adana rasit da takardun banki na shekara shida. Duk shekarar da ka ga rabin ribarka na komawa cikin kaya, ka sake yin lissafin mataki na uku da lambobin wannan shekarar.