Kuɗi sun shiga asusu ba shi ne ciniki ya faɗa ba

Cikin wata guda mutum uku sun kira ni da kuka iri ɗaya, dukkansu sababbin masu sayar da kaya ta waya, dukkansu kuma ramin da na taɓa faɗawa shi suka faɗa. Na gaji da maimaita magana ɗaya a waya, shi ya sa na ce bari in rubuta ta sau ɗaya. Ni atamfa da shadda da leshi nake sarowa a Kantin Kwari ina turawa garuruwa, amma mai turare da mai takalmi da mai waya duk kanwar ja ce.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne ɗaukar cewa da zarar kuɗi sun shiga an gama. Kowa ya iya tsoron alat na bogi, kowa ya san a buɗe manhajar banki a ga kuɗin da ido kafin a saki kaya, don haka ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Wanda ya karya ni kuɗin gaske ne, sun shiga cas, ko kwabo bai yi ciwon kai ba.

Wata ranar Talata wata mata ta yi min magana a WhatsApp da sabuwar lamba. Ta ce turmi 14 take so na atamfa ɗaya, a kan naira 18,000 kowane, jimilla 252,000. Ba ta nemi ragi ba, ba ta ce in ɗauko mata hoton zanen a rana ta ga kalar ba, ba ta tambayi ko tana zuba ba. Ta dai karɓi lambar asusu. Bayan kamar awa biyu alat ya shigo, na duba manhaja, kuɗi sun cika. Sai dai sunan da ke jikin alat ɗin na namiji ne, kuma bai haɗa komai da sunan da ta ba ni ba.

Na ce, "Hajiya, sunan da ya turo ba naki ba ne."

Ta ce, "Ai maigidan ne ya tura, 'yar'uwa, kin san su da asusu barkatai. Don Allah a sa min a mota yau, biki ya matso."

Na kai tasha na ba direban Kaduna. Mota ta ɗauki hanya kenan Hajiyar ta sake kira, wai ta fita unguwa, ga lambar ƙaninta shi zai karɓa a Kawo. Na tura wa direba. Kwana tara bayan nan na je cire kuɗi aka ce an ɗaure asusuna, kuɗi na iya shiga amma ba sa fita. A banki suka ce ƙorafi ne ya zo daga wani bankin, da takardar 'yan sanda.

Ashe mutumin da ya turo kuɗin bai san wata atamfa ba. Janareta ya gani ana tallatawa a Facebook, suka yi ciniki da mai tallan a kan 252,000, aka ba shi lambar asusu, wato tawa. Mai tallan janareta da Hajiyar biki bakinsu ɗaya. Shi ya biya bai ga janareta ba, ni na saki kaya, su kuma sunansu bai taɓa shiga takardar banki ko ɗaya ba. Sawun kuɗin a ƙofata ya tsaya. Sati uku ina zirga-zirga, a ƙarshe na mayar wa bawan Allah kuɗinsa kafin a sakar min asusu, turmi 14 kuwa sun bi ruwa. Abin da ya fi ƙona min rai, a jikin alat ɗin, wurin bayanin da mai turawa yake rubutawa, an sa `gen payment`, wato kuɗin janareta, ɓaro-ɓaro. Ban karanta ba. Adadin kawai na kalla.

To ku ji da kyau. A kowace oda akwai mutum uku: wanda ya yi magana da ke, wanda kuɗi suka fito daga asusunsa, da wanda zai karɓi kaya. Idan ukun nan mutum ɗaya ne, ki kwantar da hankali. Idan biyu ne, ki yi tambaya. Idan uku ne daban-daban kuma ba ki taɓa ciniki da ko ɗayansu ba, kayan nan ba sa barin shago sai kin ji muryar mai kuɗin. Kuma ba cewa za ki yi "Alhaji, kai ka turo kuɗin atamfa?" ba, don kin riga kin sa masa amsa a baki. Ni cewa nake yi, "Malam, na ga kuɗi daga wurinka, nawa ka turo, kuma na mene ne?" Na san mai damfara zai iya ba ki lambar abokin cin mushensa, shi ya sa nake haɗawa da neman cikakken rasit daga manhajar wanda ya tura, in kwatanta lokaci da bayani da abin da ke cikin tawa manhajar. Idan daga OPay ko PalmPay aka turo, lambar asusun yawanci lambar wayar mutum ce aka cire sifirin farko, to idan ta fito a rasit sai in mayar da sifirin in kira kai tsaye, ba ta hannun mai oda ba.

Na san za ku ce rabin kwastomominmu wurin mai POS suke zuwa su tura, suna ba zai taɓa daidaita ba. Gaskiya ne, kuma ba na korar su. Hoton takardar POS nake nema, in ga ranar da lokacin. Idan kuɗin sun wuce 100,000 kuma baƙuwa ce, sai na kwana biyu kafin in tura. Wasu 'yan kasuwa sun ce na cika tsanani, na kuma rasa ciniki biyu ko uku a kan haka. Na yarda. Kwana biyun ma ba sa kama komai da komai, ni kaina sai a kwana na tara abin ya fashe, amma mai damfara ba ya iya jira, don ya san wanda ya yaudara yana gab da farga. Yadda mutum ya karɓi maganar jira ya fi jiran kansa faɗa min gaskiya.

Sauya adireshi bayan an biya kuwa, ko sauya mai karɓa bayan mota ta tashi, yanzu ba na yi, ko da kuka za a haɗa ni. Idan dole ne, direba ya dawo min da kayan, na gwammace in biya kuɗin mota sau biyu. Adireshin da ya tsaya a "tasha" ko "bakin gidan mai" ba laifi ba ne, haka yawancinmu muke karɓar saƙo, amma ga baƙo da kaya masu tsada ina neman unguwa da layi da wata alama, sannan direba ya ɗauki hoton mai karɓa da kayan a hannunsa.

Sai batun yawa. Yawan kaya shi kaɗai ba alamar komai ba ne, ga anko, ga lefe, ga kayan Sallah. Amma kowane yawa yana da kamarsa. Mai anko zane ɗaya take so da yawa, za ta tambaya ko za a samu ƙari idan 'yan'uwa sun ƙaru, kuma sai ta ja ki ciniki har ki gaji. Mai lefe kala-kala yake so, kada biyu su zo iri ɗaya. Mai sari ragin sari take nema tun kafin gaisuwa ta ƙare. Wanda ya ce a ba shi "mafi tsadar" guda goma, kowace kala ce ba damuwa, bai kuma tambayi kuɗin aike ba, wannan ba sawa zai yi ba, abin da zai saurin karyarwa a kasuwa yake nema. Ku da kuke fara sana'a, da kun ga babbar oda sai jiki ya ɗauki rawa, har da sa hoton alat a status ana hamdala. Ki nutsu, ƙanwata. Mutumin da bai taɓa sayen ko ɗankwali a wurinki ba ya aminta ya turo rabin jarinki ba tambaya, ba don kyan idonki ba ne.

Masu karɓar kuɗi da kati ta shafin intanet ko ta linki, naku ya fi ɓoyuwa. Kamfanin da ke karɓar muku kuɗi yana nuna duk yunƙurin biya, wanda ya yi da wanda ya faɗi, amma mutane koren kawai suke kallo. Ku riƙa buɗe jajayen. Biya ya faɗi sau biyu ko uku a ƙasar nan ba labari ba ne, netwok ne ko kuɗi ba su isa ba. Abin dubawa shi ne lambobi huɗun ƙarshe na katin. Idan kati ɗaya ne ya faɗi sau uku da `Insufficient Funds` sannan ya wuce, mai shi ya je ya ƙaro kuɗi ne. Idan kuwa cikin minti goma an gwada kati biyar daban-daban, wannan `Do Not Honor`, wancan `Declined`, na shida ya wuce, to wani ne yake zaune da tarin lambobin katin mutane yana gwadawa har ya dace. Lambobi shidan farko suna nuna bankin da ya ba da katin da ƙasarsa, don haka katin ƙasar waje a kan odar da za a sauke a tashar Jabi tambaya ce ta biyu. Matsalar kati ita ce mai shi na ainihi zai iya ƙalubalantar cirar ta bankinsa har kusan kwana 120, a zare kuɗin daga naki bayan kaya sun daɗe da tafiya. Wata ƙawata mai turare ta ga haka bayan wata biyu, ba ta ajiye ko takardar aike ba, ba ta da abin kare kanta. Ni irin wannan odar ba na ma jayayya, ta cikin shafin nake mayar da kuɗin kan katin da ya biya, in ce a turo ta asusu mai sunan mai oda. Har yau ba wanda ya dawo.

Sauran ƙanana ne. Wanda ya turo fiye da kuɗin kaya ya ce a mayar masa da ragowar ta wani asusun daban, ki mayar da duka ta inda suka fito. Kada ki goge hira da kwastoma kafin wata huɗu, haka takardar direba. Yaron shago kada ya saki kaya a kan hoton rasit, ko da kina salla ne ya jira ki idar. Kuma ki raba asusun kasuwanci da na cefane, don ranar da aka ɗaure nawa kuɗin makarantar yara na ciki, sai da na ranta a wurin yayata.