Yadda Ake Lissafin Damar Cin Ɗa Tilo a Wasan Bakgamon

A bakgamon, wasan allo na mutum biyu da ake tura 'ya'ya da jifan dayis, idan ɗan abokin wasanka ya tsaya shi kaɗai a wani gida na allon, yana iya ciwuwa. Sanin yawan jifan da za su kai ka kansa ƙirga ne kawai, ba sai da takarda ba.

Fara da jimilla. Dayis biyu ake jefawa, kowanne da fuska shida, don haka jifa iri 36 ke iya fitowa. Ka ɗauka ɗaya ja ne, ɗaya fari: ja 5 fari 1 daban yake da ja 1 fari 5. Shi ya sa 5-1 ake ƙirga shi sau biyu, tagwaye irin 3-3 kuwa sau ɗaya tak.

Sai ka ƙirga tazarar da ke tsakanin ɗanka da nasa. A ce gida shida ne.

Jifan da 6 ta fito ƙarara su ne na farko. Ja zai ba da jifa shida, fari ma jifa shida, amma 6-6 ya shiga lissafi sau biyu, sai a cire ɗaya, saura 11. Kowace tazara daga 1 zuwa 6 da wannan 11 take farawa.

Yanzu ka ƙara waɗanda sai an haɗa dayis biyun suke kaiwa. 5-1 biyu, 4-2 biyu, 3-3 ɗaya. Akwai kuma 2-2, wanda ya fi saurin kuɓucewa mai ƙirga: tagwaye sau huɗu ake taka su, taku uku na 2 kuwa shida ke nan. Shi 1-1 a gida na huɗu yake ƙarewa, bai kai ba. Jimilla 17 cikin 36, wajen kashi 47 cikin ɗari. Babu tazarar da ta fi shida haɗari ga ɗa tilo.

Lissafin bai ƙare ba sai ka duba hanya. Gidan da abokin wasa ya tsare da 'ya'ya biyu ko fiye ba ka sauka a kai. In ya tsare gida na huɗu daga inda kake, 2-2 ya mutu, domin dole ya bi ta nan. Amma 4-2 yana nan da ransa, tunda kana iya taka 2 tukuna sannan 4. Saura 16. In ya haɗa da gida na biyu, 4-2 ma ya tafi, saura 14.

Da tazara ta wuce shida, 11 ɗin nan ta ɓace, sai haɗi kaɗai. A tazarar takwas, 6-2 da 5-3 sun ba da huɗu, 4-4 da 2-2 suka cika shida. Saboda haka in ya zama dole ka bar naka ɗan a fili, gara ka ajiye shi gida bakwai ko fiye daga ɗan da ke harinsa. In ba hali, matsa shi dab da shi: tazarar gida ɗaya jifa 11 ne, gida biyu 12.