Babi Na Bakwai: Launin Rubutu Da Launin Da Ke Bayansa

A ce ƙungiyar manoma a wani ƙauye kusa da Ringim za ta yi taron rabon taki. An ba wani yaro mai kwamfuta aikin sanarwa. Ya rubuta sunan ƙungiya da ruwan ɗorawa a kan farar takarda, ya ja kore a tsakiya, ya rubuta rana da lokaci da ja a kai. A fuskar kwamfuta abin ya yi kyau ƙwarai. Da aka manna a bangon masallaci, dattijai suka riƙa matsowa suna ƙanƙance ido, daga ƙarshe sai a kira jika ya karanta.

Haruffan ba ƙanana ba ne. Laifin na launi ne.

Ido yana raba harafi da abin da ke bayansa ne ta bambancin haske da duhu, ba ta bambancin launi kawai ba. Ja da kore launuka ne daban, amma duhunsu kusan ɗaya ne. Mai yanar ido yana ganin komai kamar cikin hazon hunturu, gefen haruffa ya narke, sai ja da koren su haɗe masa. Akwai kuma waɗanda aka haifa ba sa bambance ja da kore sosai, kuma maza sun fi yawa a cikinsu.

Ana auna wannan bambanci da lamba. Fari a kan fari 1 ne, wato ba a ganin komai. Baƙi a kan fari 21 ne, babu abin da ya wuce shi. Ƙa'idar WCAG 2.0, wadda W3C, hukumar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar a 2008 saboda rubutun intanet, ta ce rubutu na yau da kullum kada ya gaza 4.5, manyan haruffa kuma kada su gaza 3. Idan ana so a ƙara kyautata wa masu raunin gani, a kai 7. Takardar da tsofaffi za su karanta, bakwai ɗin nan ya kamata a nema.

Yanzu mu auna sanarwar. A kwamfuta kowane launi yana da lambarsa. Ruwan ɗorawa (#FFFF00) a kan fari (#FFFFFF) bai kai 1.1 ba, kusan ba a yi rubutu ba ke nan. Ja (#FF0000) a kan kore (#008000) wajen 1.3 ne. Abin takaici, a nan aka sa rana da lokaci, waɗanda saboda su aka yi takardar.

Gyaran ba ya cin ko sisi. Koren nan a ƙara masa duhu ya zama #006400, a rubuta rana da lokaci da fari a kansa, bambancin ya haura 7. Sunan ƙungiya a mai da shi baƙi, ko shuɗi mai duhu irin na rinin baba (#000080), wanda a kan fari yake ba da 16. In an ce lallai sai ruwan ɗorawa ya fito, a shimfiɗa shi a baya, a ɗora baƙin rubutu a kai. Wannan ya haura 19, kuma daga nesa ake hango shi.

A yi hattara da ruwan toka. Masu tsara takardu suna son sa don sanyinsa a ido, amma a kan fari, duk tokar da ta fi #767676 haske ta faɗi ƙasa da 4.5. Shuɗi a kan baƙi ma bai kai 3 ba. Kada kuma a ɗora rubutu kai tsaye a kan hoton buhunan taki ko na gona, domin hoto wani wurin haske ne, wani wurin duhu, rabin kalma sai ya ɓace. A yi wa rubutun fili mai launi ɗaya.

Wanda ba shi da abin awo, ga gwaji mai sauƙi. Kafin a buga da yawa, a buga ɗaya, a kai wa mai fotokwafi ya fitar da ita baƙi da fari. Duk layin da ya dusashe a kwafin, launinsa ne bai yi ba, a sauya shi. Daga nan a manna ta inda za ta zauna, a ja baya taku biyar, a ce wa wani dattijo, "Baba, don Allah karanta mana ranar taron." A gwada da rana tsaka, a sake gwadawa dab da magariba. In ya tsaya yana laluben harafi, a koma a ƙara duhun rubutun.

Takardar bango ba ta zama yadda aka buga ta. Rana tana cin launi, ja yana cikin masu saurin koɗewa, ƙura kuma tana mai da fari ruwan ƙasa. Sanarwar da za ta yi wata guda a waje, a fara ta da baƙi a kan fari ko a kan ruwan ɗorawa, a takarda marar sheƙi, saboda ƙyallin leda yana kashe wa mai yanar ido gani.